Kada Ya Fita Ko'ina

Malam Awaisu, hedimastan makarantar firamare ta Unguwar Maitama da ke bayan Bakori, mutum ne mai son wasiƙa. Wasu shugabannin makaranta in suna da saƙo sai su tara yara a fili su faɗa da baki. Shi kuwa ko tsintsiya yake so a kawo sai ya rubuta, ya sa hannu, ya danna hatimi, ya ɗaga takardar yana kallonta kamar sabon ɗinki. A yi masa adalci, ya iya Hausa, kuma yana ƙaunar yaran nan tsakani da Allah. Sai dai yana ƙaunar alƙalaminsa kusan haka.

Da aka koma makaranta a watan Satumba, ruwa bai ɗauke ba, masara ta fara bushewa a gonaki, sauro kuwa ya samu gari. Kullum sai a samu yara huɗu ko biyar kwance kan benci suna rawar sanyi, wasu da tari da majina, suna rabawa na kusa da su. Iyaye suna gona, ba mai zama da yaro, don haka a turo shi makaranta ya fi sauƙi. In Malam Awaisu ya mayar da yaro gida, uban ya biyo shi da rantsuwa cewa da safe jikin garau yake. Gardamar nan ce ta ishe shi, ya tafi ƙaramin asibitin garin wajen Malama Hajo, wadda ita ce mai kula da shi, ya ce ta ba shi ƙa'idar da ba ta da gardama.

Malama Hajo ba ta da dogon zance. Ta yago takarda ta rubuta masa abu uku. Na ɗaya, a sa ma'aunin zafi a hammatar yaro, a matse hannunsa har ma'aunin ya yi ƙara; in ya nuna talatin da bakwai da rabi ko sama da haka, zazzaɓi ne, kada a kai shi makaranta. Na biyu, kada ya koma sai ya yi kwana ɗaya cur babu zazzaɓi, ba tare da an ba shi maganin sauke zafi ba. Na uku, duk yaron da ya yi zazzaɓi a kawo shi asibiti a ranar a gwada jininsa don cutar sauro; in kuwa yana amayar da komai, ko ya kasa shan ruwa, ko barci ya yi masa yawa, ko ya yi jijjiga, a taho da gudu.

Washegari ya hau babur zuwa shagon buga takardu a Bakori. Ya buɗe wasiƙar da gaisuwa mai layi shida, ya yi godiya ga iyaye, ya kawo karin magana guda biyu, sannan ya shiga batun. Da ya tuna yadda ake hana yaro makaranta amma a tura shi korar tsuntsu a gona, sai ya ƙara nasa gishirin a ƙa'ida ta ɗaya, ya ce: yaro ya zauna a gida, kada ya fita ko'ina, har sai zafin ya sauka. Mai shagon ya ce rubutu ya tsallaka shafi na biyu, sai an rage. Malam Awaisu ya dubi gaisuwarsa, ya ji ba zai iya taɓa ta ba. Ya dubi gurbin sa hannu da hatimi, nan ma ina. Sai ya dubi ƙa'ida ta uku. Wane uba ne, in ji shi a ransa, sai an rubuta masa ya kai ɗansa asibiti? Ai wannan aikin su Malama Hajo ne, shi nasa makaranta. Ya ce a goge. Wasiƙa ta zauna daram a shafi ɗaya, ya dawo gida yana jin daɗin kansa.

Cikin waɗanda wasiƙar ta isa hannunsu akwai Ɗanasabe, wani dattijon manomi, Bamaguje, wanda gidansa ke can ƙetaren rafi cikin gonakin dawa. Shekara biyu Malam Awaisu ya yi yana zarya kafin ya yarda ya sa autarsa Tsohuwa a makaranta, don danginsa sun ce za a raba ta da gida ne kawai. Da ya yarda kuwa, sai ya yarda gaba ɗaya. Shi mutum ne da in ya ɗauki magana ba ya rage mata komai. Ba ya karatu, amma ya san lamba, don ya daɗe yana kallon sikelin masu sayen auduga.

Ranar da aka raba wasiƙar, da yamma, ya zo ƙofar makaranta a kan kekensa, ya ce ba ya so a karanta masa da bakin wani, mai ita ya karanta. Malam Awaisu ya gyara murya ya karanta tun daga gaisuwa har hatimi. Ɗanasabe ya sa aka maimaita masa wajen lambar sau biyu, yana bi da leɓe.

"Iyakarta ke nan, Malam?"

"Iyakarta ke nan, Baba. Ka bi ta yadda take, ba za ka yi kuskure ba."

Ranar kasuwar Bakori ta zagayo, Ɗanasabe ya sayi ma'aunin zafi a kemis, aka nuna masa inda ake dannawa. A ƙetaren rafi kaf shi kaɗai ya saya. Malam Awaisu ya riƙa ba da labarinsa ga sauran iyaye, yana cewa su dubi mutumin da bai taɓa zama a aji ba, ya fi su bin doka.

Mako biyu bayan haka, ran Litinin, Tsohuwa ba ta zo makaranta ba. Talata ma haka, Laraba ma haka. Malam Awaisu ya ga gurbinta a rajista, ya san dalili, har ya ce wa malamar ajinsu ta gani, wasiƙa tana aiki. Bai aika kowa ba, bai kuma taka da kansa ba.

Ran Alhamis, ana cikin darasin farko, Ɗanasabe ya jingine keke a jikin dalbejiya ya shigo ofis, wandonsa jiƙe da raɓa har gwiwa. Duk da haka sai da ya gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi yara. Sannan ya ajiye wani guntun kwali a kan tebur. An jera lambobi da gawayi, safe da rana da yamma na kwana uku, manya-manya, a karkace. Talatin da takwas da ɗigo shida. Talatin da tara da ɗigo biyu. Inda aka ba ta maganin sauke zafi ya ɗan sauka, ya sake hawa. Na ƙarshe ya wuce arba'in.

Ya ce bai bar ta ta taka ko ƙofar gida ba, Malam ya shaida. Uwarta Zuwaira tun ran Talata take masa kuka a kai ta asibiti, ya ce mata takarda ta ce kada ta fita ko'ina sai zafi ya sauka, kuma masu ilmi ba sa rubuta abu a banza, wataƙila iska ce ke ƙara shi. Amma tun jiya ko ruwa ba ya zama a cikinta, da gari ya waye kuma ta sandare, idanunta suka juye.

"Shi ne na zo neman izini, Malam. Ko da hali a ɗan sassauta, mu fita da ita?"

A nan take Malam Awaisu ya ga layukan da ya sa aka goge, ya gan su sarai kamar suna kan allo. Ya fizgi makullin babur ya ce dattijon ya hau.

Sun ɗauko yarinyar a naɗe cikin zanen uwarta, jikinta kamar garwashi, kanta na lilo, Zuwaira ma ta matsu a bayan babur ɗin. Dole suka bi ta gada, don rafin ya cika. Da suka isa ƙaramin asibitin sai suka tarar ranar awon ciki ce, mata sun cika barandar, wasu a benci, wasu a tabarma. Malama Hajo ta bar abin da take yi, ta tsaga layin, ta soki yatsar yarinyar ta ɗiga jinin a kan abin gwaji, ta janyo fatar idonta ta ga ta yi fari fat. Kafin ma layi na biyu mai nuna cutar sauro ya gama fitowa a jikin abin gwajin ta riga ta fara haɗa allura. Sai da ta yi mata, ta aika a kira mota zuwa Funtua, sannan ta tambayi kwana nawa.

Da ta ji kwana uku, sai ta juya kan Ɗanasabe. Malama Hajo in ranta ya ɓaci ba ta san ƙasa-ƙasa da murya ba. Ta ce masa da furfurarsa da komai ya zauna yana kallon yarinya tana ƙonewa, asibiti ga shi nan ko kiran sallarsu yana ji. Ta ce in akuyarsa ce ta kwanta da tuni ya nemo malamin dabbobi. Matan baranda suka kama, wannan ta ce Allah ya kyauta, waccan ta ce ai mutanen ƙetare sai a hankali, sai sun gama jiƙe-jiƙensu sannan su tuna da asibiti. Zuwaira ta ja mayafi ta rufe fuska.

Dattijon ya laluba aljihu ya fito da wasiƙar, a ninke cikin leda don kada ta jiƙe, ya miƙa da hannu biyu. Malama Hajo ta karanta. Ta juya bayan takardar ta ga fari, ta sake juyowa, sannan ta ɗago kai a hankali ta dubi Malam Awaisu, wanda ke tsaye a bakin ƙofa da makullin babur a hannu.

Nan ne ya kamata ya yi magana. Kalma biyar ma ta isa. Ya buɗe baki, sai ya hangi matan nan, rabinsu iyayen ɗalibansa ne, biyu ma shi ya koyar da su. Ya mayar da bakin ya rufe. Ɗanasabe ya bi idon Malama Hajo, ya ga inda ya sauka, sai ya yi sauri ya tare.

"Malama, ba ruwan Malam. Takarda daidai take. Ni ne jahili, ban gane ba."

Malam Awaisu ya yi shiru, kuma shirun ya yi masa aiki, don kowa ya ɗauka haka ɗin ne. Malama Hajo ta ninke takardar ta mayar wa mai ita. Ba ta tona shi ba, ba ta kuma sake kallonsa ba har motar ta zo.

A asibitin Funtua aka ce jinin yarinyar ya yi ƙasa sosai, sai an ƙara mata. Malam Awaisu ya naɗe hannun riga da sauri, har yana ɗan jin sanyi a ransa cewa ga hanyar biya ta samu. Aka gwada aka ce nasa bai dace ba. Na ƙanin Zuwaira aka ɗiba. Ya sayo lemo da ruwan leda da burodi ya jibge a gefen gado, abin da mai ciwo ba ta iya ci, masu jinya kuma ba su da zuciyar ci. Duk lokacin da ya zo, Ɗanasabe sai ya miƙe ya ba shi kujera, ya yi masa godiyar babur, godiyar mota, godiyar lemo. Kowace godiya sai ta sauka masa kamar mari.

Tsohuwa ta farfaɗo a rana ta uku, aka sallame ta bayan mako guda. Amma labari ya riga ta isa gida. A majalisar ƙofar masallaci, wani mai suna Mudi ya mayar da abin wasan kwaikwayo, yana kwatanta dattijo riƙe da ma'auni yana rubutu da gawayi ɗiyarsa na mutuwa, ana ta dariya. Wani ya ce laifin masu ba irin waɗannan mutane takarda ne, ina ruwan biri da gada. Suka juyo ga Malam Awaisu, suka ce ya yi ƙoƙari, ba don shi ba da yarinyar ta tafi. Ya ce Allah ne ya yi. Ya tashi ya tafi gida ya kasa cin tuwo, matarsa ta tambaya ya ce ciki ne.

Ya rubuta sabuwar wasiƙa, wannan karon da ƙa'ida ta ukun a sama, babu karin magana ko ɗaya, ya kuma cire kalmar nan tasa. Amma a kanta sai ya sa mata take, wai ƙarin bayani ga iyaye, kamar dai wani sabon ilmi ne ya iso. Ya kai wa Malama Hajo ta duba. Ta karanta ta ce ƙa'idojin sun yi daidai. Ta miƙo masa, sannan ta ce ita kam ta zagi mutum a kan laifin da ba nasa ba, kuma kwana goma ke nan abin na cinta. Shi ba ta san yadda yake yi yana barci ba. Ta kira mai bi a layi.

Tsohuwa ta warke, an ce har tana fita tsakar gida, amma ba ta dawo makaranta ba. Mako ya wuce, wani ya kama. An ji dangin Ɗanasabe suna cewa ai sun faɗa masa, ga abin da boko ya jawo, ya zama abin dariyar gari. Malam Awaisu ya san in ya bari aka kai ƙarshen zango, gurbin nan na rajista ya rufe ke nan.

Ran Asabar da la'asar ya ƙetara rafin da ƙafa, ruwan ya ja baya. Ya tarar da Ɗanasabe a gindin rumbu yana ɓare masara, yarinyar na zaune kan buhu kusa da shi, ta rame, idanunta sun yi zuru-zuru. Ta durƙusa ta gaishe shi, uban ya ce ta shiga wajen uwarta. Aka shimfiɗa masa buzu, aka kawo ruwa. Ya daɗe yana zagaye, yana tambayar masara da dawa da farashin taki, har abin tambaya ya ƙare.

Sai ya faɗa. Ya faɗi takardar Malama Hajo mai abu uku, da shafin da ya ƙi isa, da gaisuwar da ya kasa ragewa, da abin da ya goge, da kalmar da ya ƙara da kansa. Ya ce ranar nan a asibiti ya san gaskiya ya yi shiru, a ƙofar masallaci ma ya sake yi. Bai iya ɗaga ido ba, masarar da ke gabansa yake kallo.

Ɗanasabe bai daina ɓara ba. Can ya ce ya sani. Ba ranar ba, ranar kam da gaske ya ɗauka kansa ne ya yi duhu. A Funtua ne wani mai jinya ya karanta masa wasiƙar sau biyu, ya ce babu asibiti a cikinta ko sau ɗaya. Ya ce yara bakwai ya haifa, duk da tafin hannu ya san zazzaɓinsu, in ya taɓa goshi ya ji wuta ba ya kwana biyu bai nemi magani ba. Wannan karon hannunsa ya gaya masa tun ran Litinin, matarsa ma ta gaya masa, ya ƙaryata su duka biyu don takarda ba ta faɗa ba. Wannan kunyar tasa ce, in ji shi, ba mai ɗaukar masa ita.

Malam Awaisu ya roƙe shi ya yafe masa, ya kuma bar yarinyar ta koma, don ita ba ta yi laifin komai ba. Dattijon ya jefa totuwa gefe, ya karkaɗe hannu.

"Yafiya na yafe, Malam, ɗan Adam ne kai. Amma a gaban mata talatin aka ce ban san darajar ɗiyata ba. Uwarta har yau ba ta iya zuwa rijiya da rana. Ka zo nan gindin rumbu, daga ni sai kaji, ka wanke ni. Kajin ne za su kai labari?"

Malam Awaisu ya cire hula ya share goshi.

"Yaushe ne ranar awon cikin nan?" Ɗanasabe ya tambaya.

"Alhamis, Baba."

"To. In Zuwaira ta ji daga bakin matan, ran Juma'a za ka ga Tsohuwa a aji. In ba ta ji ba, kada ka wahalar da ƙafarka."

Ya ɗauki wata masarar ya ci gaba da ɓara. Malam Awaisu ya sa takalmansa, ya yi sallama, ya kama hanyar rafi yana lissafa matan da za su kasance a barandar nan, da sunansu ɗaya bayan ɗaya, da sunayen yaransu da ke ajinsa.